Yadda muka rage shafukan gabatarwarmu zuwa minti 15

Mu biyar ne a rukuninmu a wata makaranta a nan Legas, kuma aikin da aka ba mu ya shafi asarar tumatir tsakanin gonakin Arewa da kasuwar Mile 12. Malama ta yanke mana minti 15, ta kuma ce kowa sai ya yi magana domin makin kowa daban ne. Da muka haɗa abin da kowa ya shirya a PowerPoint, sai muka tarar da shafi 38.

Shawarar farko da aka kawo ita ce kowa ya ɗauki shafi uku da minti uku, amma ban goyi bayanta ba, domin yawan shafi ba ya nuna tsawon magana. Hoton kwandunan tumatir yakan wuce cikin daƙiƙa goma, alhali jadawalin farashi guda ɗaya yana iya cin minti biyu. Saboda haka muka zauna a gidan ɗaya daga cikinmu a Agege, muka kunna Rehearse Timings da ke ƙarƙashin Slide Show, kowa ya yi jawabinsa da murya kamar yana gaban aji. Bayan mun adana lokutan, Slide Sorter ya nuna tsawon kowane shafi a ƙarƙashinsa, jimilla kuwa ta kai minti 26.

Kafin rabo sai da muka cire minti ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa, da wani minti ɗaya na miƙa magana sau huɗu, wanda galibi ba a lissafa shi alhali yana cin lokaci. Minti 12 suka rage. Mai bayanin sakamakon bincike ta samu huɗu, mu sauran huɗun muka ɗauki bibbiyu, tunda a kan sakamakon ne za a fi yi mana tambayoyi.

Mafi yawan abin da muka zubar maimaici ne, domin mutum uku kowannensu ya fara sashensa da bayanin yadda ake ɗauko kaya daga Kano. Muka bar wannan ga mai buɗewa kaɗai. Da ɗan'uwanmu ya nuna ciwon rabuwa da jadawalinsa, sai na ce masa, "Malam, ba gogewa za mu yi ba." Muka sa wa irin waɗannan shafuka Hide Slide, yadda idan tambaya ta taso sai a buga lambar shafin a danna Enter ya bayyana. Shafi 14 ne suka tsira.

Duk wanda ya adana lokutan gwaji, to ya tabbata ya cire alamar Use Timings kafin ranar gabatarwa, in ba haka ba shafukan za su riƙa sauyawa da kansu yana tsakiyar jimla.