Gangara ba ta biyan bashin da tudu ya ci

Ƙannena masu fitowa gudu bayan sallar Asuba, musamman ku da kuka fara sa ido kan gasar da ake yi a wasu garuruwa ban da Legas, ku ba ni aron kunnuwanku kan wani kuskure da na yi da ƙafata. Kusan shekara uku na yi ina gudu daga Agege zuwa Ikeja in dawo, har na kai ina cin kilomita 10 a minti 50, wato minti 5 kowace kilomita, kuma na riƙe wannan lissafi a kaina kamar farashin kaya. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, a shimfiɗaɗɗiyar hanya na samu wannan lokaci. Mafi yawan inda muke gudu a Legas ba shi da tudu, in ka cire hawan gada. Da na yi rajistar wata gasa ta kilomita 10 a Ibadan, garin da kowa ya san shi da tuddai, sai na tafi da minti 5 ɗin nan a zuciyata, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan sake shi ba.

Kilomita 2 na farko sun tafi daidai. A ta uku hanya ta fara miƙewa sama. Na duba agogo na ga gudu yana raguwa, sai na ƙara wuta, na wuce mutane da dama ina jin daɗi. Na gama wannan kilomita a minti 5 da sakan 5. Kafin in kai rabin ta huɗu, wadda ita ma hawa ce, numfashina ya koma haki, bakina ya bushe, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gishiri. Da gangara ta zo a kilomita ta shida na ce to ga inda zan rama, na buɗe ƙafa ina dogon taku, dunduniya tana dukan kwalta da ƙarfi har ina jin ƙarar a haƙorana. Na yi ta a minti 4 da sakan 15. A kilomita ta tara akwai wani ɗan tudu da bai kai ya kawo ba, amma a nan cinyoyina suka ƙi, sai da na koma tafiya, minti 7 cur. Na shiga a minti 53 da sakan 40.

Wani dattijo ɗan Filato da na wuce a tudun farko ya riga ni shiga da kusan minti uku. Ya same ni zaune a bakin hanya ina matsa cinya, ya miƙo mini ruwan leda ya ce, "Ɗana, na ga lokacin da ka wuce ni. Agogo kake bi, ba jikinka ba. Tudu ba a yi masa gardama." Na ce, "Baba, ai na ɗauka abin da na rasa a hawa zan same shi a gangara." Ya girgiza kai ya ce, "Rabi take biya."

Wannan kalma ta "rabi" ita ce na dawo Legas ina bin diddiginta, kuma na tarar gaskiya ya faɗa.

Farko dai sai ka san yadda ake auna tsinin tudu. Ka ɗauki mita nawa hanya ta ɗaga sama, ka raba da tsawon da aka yi kafin a kai can, ka ninka da 100. Idan cikin kilomita guda, wato mita 1,000, hanya ta hau mita 40, tsininta kashi 4 cikin ɗari ne. A ido ba wani abu ba ne, direban mota ma ba lallai ya lura ba. Amma a ƙafa, kana ɗaga nauyin jikinka duka zuwa tsayin bene mai hawa goma sha wani abu, a lokacin da kake gudun da dama can ya kusa kai ka iyaka.

Ƙiyasin da masu horar da 'yan gudu suka daɗe suna aiki da shi shi ne, kowane kashi 1 na hawa yana ƙara maka kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin ɗari na lokacinka, in har ƙarfin da kake sawa bai canza ba. Kowane kashi 1 na gangara kuwa yana mayar maka da rabin haka ne ko ya ɗara kaɗan. Ga mai minti 5 a kilomita, abin ya zo da sauƙin riƙewa: sakan 10 a kan kowane kashi na hawa, sakan 5 rangwame a kan kowane kashi na gangara. Wanda gudunsa minti 6 da rabi ne, ya sa sakan 13 da sakan 7. Ƙiyasi ne, kuma jiki ya bambanta, mai nauyi ya fi shan wuya a hawa. Amma ya ishe ka tsara gasa.

To mu koma kan hanyar Ibadan ɗin, yadda na zauna na lissafa ta daga baya da bayanin da agogona ya ajiye. Kilomita ta uku hawa ce ta kashi 4, don haka minti 5 da sakan 40 ya kamata in yi. Ta huɗu kashi 3, minti 5 da sakan 30. Gangarar ta shida kashi 5 ce, rangwamenta sakan 25, wato minti 4 da sakan 35. Ta bakwai da ta goma gangara ce mai sauƙi ta kashi 2, kowacce minti 4 da sakan 50. Ɗan tudun ta tara da ya durƙusar da ni kashi 2 ne kacal, minti 5 da sakan 20. Sauran huɗun shimfiɗe suke. Idan ka tara, hawa ya ci sakan 90, gangara ta dawo da 45. Lokacin da ya dace da ƙarfina a wannan hanya minti 50 da sakan 45 ne, duk da cewa inda aka tashi da inda aka ƙare tsayinsu ɗaya. Minti 50 ɗin da na ɗauko daga Legas tun farko ba ya cikin hanyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne minti 5 da sakan 5 ɗin da na yi a kilomita ta uku. Da na mayar da shi lissafin shimfiɗaɗɗiyar hanya, daidai yake da gudun minti 4 da rabi. Ni kuwa ban taɓa riƙe minti 4 da rabi ba sai a gajeren atisaye, inda nake hutawa tsakani. Ke nan sakan 35 na ƙwato a wannan tudu, na biya da kusan minti uku a ƙarshe. Da zarar ka haura iyakar da jikinka ke iya ɗauka, ba ya hucewa don tudu ya ƙare, sai ka rage gudu na tsawon lokaci kafin numfashi ya dawo, shi ya sa har kilomita ta biyar da babu hawa a cikinta na kasa yin ta a minti 5.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri a hawa ba daga agogo ba ne. Ko mai nuna bugun zuciya ne, yana makara, sai ka yi rabin minti ko fiye da ɓarna kafin lambar ta tashi. Numfashi ya fi saurin faɗa maka gaskiya. Kafin tudu, ka lura da taku nawa kake yi a shaƙa ɗaya da fitarwa ɗaya. In ka shiga hawa, ka gajarta taku, kada ka rage yawansa, ka bar gudu ya ragu da kansa har numfashi ya tsaya kusa da yadda yake a ƙasa. Ya ɗan ƙaru kaɗan ba laifi. Amma in ka kasa furta kalma biyu ko uku a jere, ka riga ka shiga bashi. Za a wuce ka a tudu, kuma zuciya za ta ce ka bi su. Da yawansu za ka same su a gaba.

Gangara kuma tarkonta daban ne, don ba ta sa haki, sai mutum ya ɗauka kyauta ce. A kowane taku naman gaban cinya ne ke tare nauyinka yana taka birki, yana aiki alhali ana miƙe shi, kuma irin wannan aiki shi ya fi ƙuje tsoka. Dogon taku da sauka kan dunduniya a gaban jiki suna ninka dukan. Ba ka ji a lokacin, sai tudu na gaba ya zo ka nemi cinya ka rasa, sannan bayan kwana biyu saukowa daga bene ya zama aiki. Ni sai da na yi kwana huɗu ina sallah a zaune. Abin da ya fi shi ne gajeren taku mai sauri, ƙafa tana sauka ƙarƙashinka, jiki ya ɗan karkata gaba daga idon sawu. In kana jin ƙarar takalminka tana tashi, birki kake takawa. Kuma rangwamen sakan 5 ɗin nan yana da iyaka: in gangara ta kai wajen kashi 10, ga mafi yawanmu ba sauran ƙarin riba, rabin ƙarfin yana tafiya wajen hana kai faɗuwa.

Akwai wani wuri da lissafi ke ruɗar mutum. Kilomita guda tana iya hawa mita 30 a rabinta na farko ta sauko mita 30 a rabi na biyu. A takarda sai ka ga sifili, ka rubuta minti 5. Alhali rabin farko kashi 6 ne, ya ci sakan 30, na biyu ya dawo da 15, kilomitar ta zama minti 5 da sakan 15. Saboda haka in ka samu taswirar hawa da saukar hanya daga masu shirya gasa, ka yanka ta tudu-tudu, ba kilomita-kilomita ba, ka tara duk hawa daban, duk gangara daban.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Legas ba ta rasa tudu gaba ɗaya ba. Duk unguwar da ka ji sunanta ya fara da "Oke", tudu ke nan a Yarabanci. Ni Oke-Ira da ke Ogba nake zuwa, sau ɗaya a mako, makonni shida zuwa takwas kafin gasa. Ina samun layi mai hawa da zai ɗauke ni minti biyu, in hau sau shida da ƙarfin gasa, ba fiye ba, ina duba sakan nawa ya ƙaru a kan gudun ƙasa, don in san lambata ta kaina maimakon ƙiyasin kowa da kowa. Tawa ta fito sakan 11 a kan kowane kashi na hawa. Saukowar ma atisaye ce, amma ka fara da biyu ko uku a hankali, cinya tana sabawa da wuri in an ba ta mako tsakani. A bar saukowa da ƙarfi in ya rage kwana goma a yi gasa.

Shekarar da ta biyo na koma wannan hanya da lokutan kilomita goma rubuce da biro a bayan hannuna. A tudun farko mutane suka yi ta wuce ni, agogo ya nuna minti 5 da sakan 42, na bar shi a haka. Ɗan tudun kilomita ta tara na haye shi da gudu, na shiga a minti 50 da sakan 58.