Kajina sun fara ƙwai, sun fara cin juna: inda aka kwana

Ƴan uwa masu koyon kiwo, kajina guda sittin sun shiga wata na biyar sun fara ƙwai, daidai lokacin da zafin Afrilu ya sauka a Tawa, ma'auni yana wuce 40 da rana. A nan matsalar tsattsagar juna ta taso.

Alamar farko a ƙasa na gan ta. Bayan wasu kaji ya fara yin sanƙo wajen gindin wutsiya, amma in na duba daɓen ɗaki babu ƙananan gashi ko ɗaya. Kazar da ke zubar da gashi don kanta, za ka tarar da shi warwatse ko'ina. In gashi yana ɓacewa daga jiki kuma babu shi a ƙasa, to ana fizga ana haɗiyewa ne. Na ɗaga fukafukai na duba ko ƙwarƙwata ce, ban ga komai ba. Faɗan neman girma kuma a kai da tukku ake yin sa, ba a baya ba.

Abin da ya fi muni shi ne saran dubura. Kaza in ta yi ƙwai, naman wurin yakan leƙo waje ja wur na ɗan lokaci kafin ya koma, musamman sabuwar farawa. In a fili ta yi ƙwan, cikin haske, wata ta hango jan nan sai ta kai baki. Da jini ya fito sauran suka taru, suna iya zaro hanji kafin ka dawo daga kasuwa. Haka na rasa biyu, duka da hantsi, lokacin da aka fi yin ƙwai.

Don haka daga akwatunan ƙwai na fara. Na mai da su goma sha biyu, ɗaya ga kaji biyar, na jera su ɓangaren da ya fi duhu, na rataya tsumman buhu a bakin kowane. Kaza ta shiga ta yi ƙwanta a ɓoye, ta huta, ta fito wurin ya rufe. Sandar da suke hawa kuma na matsar da ita daga gaban akwatunan, na ɗaga ta sama, don ta ƙasa kada ta samu duburar ta sama daidai bakinta. Tagar da rana ke faɗowa ta ciki na yi mata rumfar zana daga waje, nesa kaɗan da bango. Kada ku toshe taga da sunan rage haske a wannan zafi, iska ta fi komai.

Ɗakin mita uku ne da huɗu, wato kaji biyar a kowace murabba'in mita. Da sanyi ya ishe su, da bazara kuwa sai haki da fushi. Na kewaye musu fili mai inuwa a gefe, na ƙara mazubin abinci har tsawonsa ya kai mita shida, kowace ta samu santimita goma, su ci lokaci guda ba turereniya.

Sai abinci. Mai ƙwai tana son furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Da yawanmu in buhu ya yi tsada mukan ninka shi da dusa, furotin ya faɗi, kaza ta koma neman sa a gashin ƴar uwarta. Ƙuli yana taimakawa, amma sinadarin da gashi ya fi buƙata, metiyonin, kaɗan ne a gyaɗa. Garin kifi ya fi shi nan. Gishiri ma rashinsa yana jawo wannan hali. In kai kake haɗa abincinka, giram 150 ya isa buhu mai kilo 50. In na kamfani ne, akwai shi ciki, kada ka ƙara, yawansa zawo yake sa su har ya kashe.

Na kuma rataya musu damin harawar wake da ganyen kabeji daidai tsayin kai, ina watsa ɗan gero cikin shimfiɗa da la'asar. Kaza rabin yininta tono ne, in ba ta samu abin tsattsaga ba sai ta samo wa kanta.

Masu rauni na ware su, na wanke, na fesa maganin nan mai launin shuɗi da ake samu wurin masu maganin dabbobi, wanda ke rufe jan ciwon. Ba za su koma ba sai fata ta warke. Na zauna na lura na kama guda uku masu bin baya suna fizga, su ma suna keji daban, domin hali ne da ake koya.

Wani ya ce in yanke musu baki. Wannan aiki da ƙuruciya ake yin sa, tsaki yana ɗan kwana bakwai zuwa goma, kuma ba a wuce kashi ɗaya cikin uku. A yi wa babbar kaza cikin zafi tana tsakiyar ƙwai, za ta bar ci, ƙwai ya ragu. Na bar shi tukuna. Tun da aka sa labulen ba a sake fasa wata ba, amma fizgar gashi ba ta ƙare duka ba. Abin da zan sa wa ido yanzu shi ne lokacin da sabon gashi zai tsiro wa masu sanƙon, don ƙaramin gashi jini ke cikinsa, in aka fizge shi zuba yake.