Yadda nake sanar da mai kaya cewa mota ta makara

Ina sayar da tayil a Katsina, kayana kuma daga Legas suke tahowa a tirela. Kwanakin baya wani Alhaji da ke gini a Daura ya biya kuɗin katan 120, muka yi da shi zan kai masa ranar Laraba. Ranar Litinin da yamma direba ya kira ni, giyar mota ta lalace kusa da Mokwa.

Ban jira Laraba ba. Wanda ke gini ya riga ya tsayar da masu aiki, ya sayi siminti, wataƙila har ya ba da kafin alƙalami. Idan ya ji da wuri zai iya ɗaga musu rana. Idan sai ranar ya ji, kuɗin yini ya tafi a banza.

Kafin in rubuta komai sai da na zauna a kan lissafin sabuwar rana, domin nan ne saƙon yake tsayuwa ko ya faɗi. Direba ya ce gyara kwana biyu. Maganar direba tana ƙarewa ne a garejin bakanike, ni kuwa alkawarina a ƙofar gidan Alhaji yake. Na ƙara kwana biyu na tafiyar mota mai lodi zuwa Katsina, da kwana ɗaya na saukewa da ɗorawa a ƙaramar mota zuwa Daura, sannan kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Lissafi ya faɗa Lahadi. Ga abin da na tura:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Tayil ɗinka katan 120 ba zai iso ranar Laraba ba kamar yadda muka yi. Motar da ta ɗauko shi ta lalace kusa da Mokwa, ana gyara, kayan kuma lafiya lau suke. In sha Allahu zan kawo maka har Daura ranar Lahadi, 14 ga wata. Idan aiki ba zai jira ba, ina da katan 40 irinsa a shago, sai in aiko gobe. A yi haƙuri, Alhaji. Zan kira ka Laraba da yamma in faɗa maka inda mota take."

Labarin ya zo daf da sallama, saboda mutum ya fahimta ko da layin farko kawai ya karanta. Dalili jimla ɗaya ya ishe shi. Idan ya yi tsawo, sai ya koma kamar kare kai. Ranar kuma na haɗa ta da kwanan wata, don "ƙarshen mako" kowa da yadda yake jin sa.

Katan 40 ɗin nan sai da na duba lambar rukunin da ke jikin kwali kafin in ambace su, domin tayil iri ɗaya yakan ɗan bambanta a launi idan ba tare aka gasa shi a masana'anta ba. Alhaji ya ce a aiko, masu aiki suka fara da ɗakunan kwana, falo ya jira sauran.