Sa hannun odita da buhu sittin na taki

Ina shekara ta biyu a matsayin ƙaramin akanta a wani kamfanin sayar da takin zamani a Sakkwato abin ya faru. Odita sun sa hannu a lissafinmu na shekara, bayan wata uku sai wani dilanmu na Illela ya rantse bai taɓa karɓar buhu 60 da littafi ya ce ana binsa ba, kuɗin naira miliyan 2.4. Ashe mai sito ne da direba suka haɗa baki, suka buga takardun fitar da kaya guda huɗu na bogi da sunansa.

Alhaji, mai kamfanin, ya kira ni ofis, ya jefo mini rahoton. "Kai yaro, waɗanga mutane da munka biya, mi sunka duba?"

"Ranka ya daɗe, bari in karanta," na ce, don ni ma a lokacin na ɗauka odita ɗan sanda ne.

Oditan waje akanta ne mai lasisi, ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, wanda ba ya cin albashin kamfani. Mu ke haɗa lissafi, shi kuma ya nemi hujja: ya tsaya a ga an ƙirga kaya a sito, ya rubuta wa banki ya tabbatar da abin da ke asusu, ya aika wa wasu masu bashi wasiƙa. Idan ya ba da ra'ayin da babu togaciya, wanda muke kira rahoto mai tsabta, abin da yake nufi shi ne lissafin a dunƙule ya nuna ainihin halin kamfani, babu kuskuren da girmansa zai sa banki ko mai hannun jari ya sauya shawara.

Girman nan shi ne inda na daɗe ban gane ba. Tun farko odita kan yanka wa kansa iyaka, da yawa sukan ɗauki kashi 5 cikin 100 na riba kafin haraji. Ribarmu miliyan 200 ce, iyakar ta zama miliyan 10. Satar tamu ko rubu'inta ba ta kai ba, balle an tsinka ta huɗu, dubu 600 kowace. Wasiƙun tabbatar da bashi sun tafi wurin manyan diloli, na Illela bai shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba. Ƙirgar sito kuwa ta yi daidai cif, tunda a takarda kayan sun riga sun fita bashi. Odita ba ya bin rasit ɗaya bayan ɗaya, ɗiba yake yi kamar mai sayen gero da ke soka buhu.

Rahoton da kansa bai ɓoye wannan ba, mu ne ba ma wuce shafin sa hannu. A ƙasa an rubuta cewa tabbacin da suke bayarwa mai ƙarfi ne amma ba lamuni ba ne, kuma zambar da aka yi da haɗin baki ko takardun jabu ta fi kuskure wuyar kamawa. Bai ce kamfani zai ci riba baɗi ba, bai ce ba zai durƙushe ba. Tsare dukiya daga ɓarayin cikin gida ya bar wa shugabannin kamfani.

Da na karanta wa Alhaji wannan wurin, ya jima bai ce uffan ba. Daga ƙarshen watan ya sa ni kiran kowane dila a waya, in faɗa masa abin da ake binsa, shi kuma ya ce na'am ko a'a.