Ranar da ɗankunne ya maƙale mini a kafaɗa

Ankon kamun ƙanwata leshi ne ruwan toka mai duwatsu farare. Na ce wa tela ya yi mini wuyan da ya haye har maƙogwaro, ya jera duwatsun a kewayensa, ya ɗan tayar da kafaɗa. Ɗinki ya yi kyau, ba laifinsa. Ni ce na ɓata abina da hannuna.

Ranar kamu na zauna gaban madubi da ɗaurin ƙirji, na fara da kai kamar yadda na saba. Gwaggwaro na kafa, na baza shi hagu da dama, na sauko da bakinsa ya rufe rabin kunnena. Sai da na gama na lallaɓa na zura rigar, na ɗauko dogon ɗankunnen gwal ɗin da nake ji da shi na sa. A madubi fuska kawai nake kallo, kuma fuskar ta fito.

Ba a yi minti goma a tsakar gida ba na waiwaya in gaida wata baƙuwa, sai na ji kunnena ya ja. Jelar ɗankunnen ta shige cikin hudar leshin kafaɗa. Na tsaya kai a karkace kamar mai sanƙarau, har Goggo ta zo ta zare mini.

"Ke 'yar nan, ina wuyanki ya tafi?" in ji ta. Ta ja ni ɗaki.

Abin da ta nuna mini ban taɓa lura da shi ba. Tsakanin bakin ɗauri da wuyan riga akwai ɗan fili, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, kuma a nan kunne da wuya suke rabon wuri. Rigata ta cinye filin daga ƙasa, gwaggwaro ya danno daga sama, ni kuma na cusa dogon ɗankunne a tsakani. Goggo ta kwance ɗaurin gaba ɗaya. Ta ɗaga mini acuci zuwa tsakiyar kai, ta ninka bakin ƙyallen, ta ɗora shi daidai layin gashin goshi, ta bi da shi ta saman kunne yadda fatar kunnen duka ta fito. Ta harɗe a ƙeya, ta tattara fiffiken sama maimakon gefe, ta cusa jelar ciki ta kama da fil biyu. Sannan ta cire barimarta mai farin dutse ta ba ni, ta ce gwal ja ba ya zama da farin dutse a kusa haka, ɗaya sai ya kashe ɗaya. Sarƙa kuwa ta ce in ajiye, duwatsun wuyan sun riga sun yi aikinta.

Tun daga ranar na juya tsarin shirina. Riga nake fara sawa, sai ɗankunne, ɗauri shi ne na ƙarshe, domin shi kaɗai ne ake iya gyarawa ya bi sauran. Wuyan da tela ya yanka ya yanku.

Da na gwada da sauran kayana, sai na ga dogon ɗankunnen nan ba shi da laifi, gidansa ne ban sani ba. Ina da atamfa mai faffaɗan wuya da ke buɗe ƙashin wuya. Da ita yake lilo abinsa ba ya taɓa komai, kuma ɗauri mai faɗi ya fi dacewa da ita. In na yi mata ɗan ƙaramin ɗauri a lafe, kai yakan zama kamar an ɗora lemon tsami a kan faranti. Mai wuyan V kuma takan so ɗaurin da ya ɗan yi tsini a gaba, irin ture-ka-ga-tsiya, da ɗankunne mai siffar ɗigon ruwa. Ƙyallen ma da ruwansa: ashoke da gwaggwaro suna tsayuwa inda aka ajiye su, amma ɗankwalin leshi mai santsi yakan zamo ya rufe kunne kafin la'asar, shi ya sa nake sa hular raga a ƙasa in kama shi da fil a bayan kowane kunne.

Kafin in fita yanzu nakan juya kai dama da hagu har haɓa ta kusa kafaɗa, in ɗaga kafaɗun sau ɗaya, in yafa gyalen in ga ko zai kama wani abu. Sai in ba yarinya waya ta ja baya taku biyar ta ɗauke ni daga gefe, don ta nan mutanen biki suke ganina. Barimar Goggo dai har yau tana wurina, kullum muka haɗu sai ta tambaya.