Takardar masu gudu: inda na kwana da fassarar

'Yan uwa masu koyon fassara, ga inda aka kwana kan wata takarda da na karɓa in fassara, ta yadda masu gudu za su ɗumama jiki su yi miƙa. Shafi biyu ce kacal, gaba da baya, da zanen mutum guda shida, wani abokina da muke gudu tare bayan asuba a wajen filin sukuwa nan Kano shi ya kawo min ita da Turanci ya ce in mayar musu Hausa saboda sabbin da suke shigowa ƙungiyar, da yawansu kawai zuwa suke su ɗaure kambas su zuba a guje, kwana biyu sai ka ji wane ya daina zuwa ƙafa ta riƙe. Na ce masa aikin yamma ɗaya ne. Yau kwana tara.

Ranar farko kan taken kawai na tsaya. Abin da 'yan ƙwallo ke ce wa wamin, na rubuta "ɗumama jiki", wannan bai ba ni wahala ba don masu sharhin wasanni sun riga sun saba mana da shi. Amma da na karanta wa maƙwabcina, dattijo ne mai tafiyar safe, sai ya ce ai shi ma yana yi, yakan sha shayi mai zafi ya ɗan ji ɗumi kafin ya fita, balle yanzu da hunturu. To ka ga. Kalmar daidai ce amma ita kaɗai ba ta isa ba, dole jimlar da ke binta ta faɗi da me ake ɗumamawar. Sai na sa: "Ɗumama jiki shi ne a fara da tafiya da sauri ko sassarfa na minti 5 zuwa 10, har jiki ya saki a fara jin gumi kaɗan." Takardar ta ba da wata alama mai kyau, cewa kana yi amma za ka iya yin magana da na kusa da kai, na mayar da ita "ba har a kai ga haki ba". Wannan ya zauna, ban sake taɓa shi ba.

Inda na sha wuya shi ne miƙa. Mu a Hausa in ka ce wa mutum yi miƙa, hannu zai ɗaga sama ya banƙare ya yi hamma kamar wanda ya tashi barci, kuma haka ɗin ƙanina ya yi da na gwada shi, har da ƙarar baya. Takardar kuwa iri biyu take magana a kai kuma duk amfaninta yana cikin bambancin nan. Akwai wanda ake yi jiki na motsi, kamar lilo da ƙafa gaba da baya, ɗaga gwiwa sama ana tafiya, ko dukan ɗuwawu da diddige, shi ne na kafin gudu. Akwai kuma wanda za ka ja tsoka ka tsaya cak na ɗan lokaci, shi takardar ta ajiye sai bayan an gama gudu jiki na da ɗumi. In na kira su duka "miƙa" na haɗe su, mutum ya zo da sanyin safiya jiki a sandare ya kama jan cinya da ƙarfi, wato ainihin abin da aka rubuta takardar don a hana. Na gwada "miƙa mai rai" da "miƙa sandararriya", na karanta da ƙarfi na ji kamar sunan magani, na goge. Yanzu abin da ke kan takardar shi ne "miƙa cikin motsi" da "miƙa a tsaye cak", kuma kowanne na rubuta lokacinsa a jikin taken, KAFIN GUDU da BAYAN GUDU, da manyan baƙi. Har yanzu "a tsaye cak" bai gama kwanta min ba don ɗaya daga cikinsu a zaune ake yi, wanda ke da mafi kyau ina saurare.

Sai jijiya. Kai, jijiya! Wadda jini ke bi jijiya, wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya, kuma a bakin 'yan gudu in tsokar bayan cinya ta riƙe cewa suke jijiya ta ɗaure. Turancin yana da suna daban ga kowacce. Na zauna da ƙamus na rasa mafita, ƙarshe wajen mahaucin unguwarmu na je ranar Asabar na ce ya nuna min a ƙafar saniya. Ya ɗauko ya dafa jan naman ya ce wannan tsoka, ya bi da yatsa har inda ta tsuke ta koma fara mai tauri tana sheƙi ya ce wannan agara, ita ce in ba ta dahu ba kake ta tauna. Nan take na samu kalmar igiyar nan ta bayan diddige, agara, kalmar da na sani tun ina yaro a kwanon miya amma ban taɓa kawo ta a jikin mutum mai gudu ba. Dokar da na sa wa kaina daga ranar: abin da ake miƙarwa tsoka zan ce, igiyar diddige agara, jijiya kuwa na cire ta daga takardar gaba ɗaya.

Sunayen tsokokin cinya ban ƙirƙiro musu komai ba. Abin da 'yan jim ke ce wa hamsitirin na sa "tsokar bayan cinya", ɗayar "tsokar gaban cinya", shi ke nan, mutum zai iya dafawa da hannunsa. Naman bayan ƙwauri na sa sharaɓa, wani ya ce min su dambubu suke cewa, sai na rubuta "sharaɓa, wato tsokar bayan ƙwauri" sau ɗaya a farko na ci gaba da sharaɓa.

Bari in nuna muku guda ɗaya daga farko har ƙarshe don a nan na koyi abin da ya fi komai a aikin nan. Miƙar sharaɓa a jikin bango. Fassarata ta farko, wadda na bi Turancin sawu da ƙafa, ita ce:

"Fuskanci bango, sa ƙafa ɗaya a baya, jingina gaba, riƙe na daƙiƙa 30."

Na rufe zanen da hannu, na ba ƙanina ya karanta ya yi, na ce ba zan ce komai ba. Ya je ya manna ƙirjinsa da bango don na ce jingina. Ya ɗaga ƙafar baya sama ya kamo ta da hannu don na ce riƙe. Sannan ya juyo ya ce Yaya, daƙiƙa 30 ɗin nan rabin awa kake nufi? Ban yi dariya ba don yana da gaskiya, yaron islamiyya ne, a Larabci daƙiƙa minti ce, mu kuma a rediyo sakan ake nufi da ita. Kurakurai uku a layi ɗaya, kuma babu kalma ɗaya a ciki da ƙamus zai ce ba daidai ba. Abin da ya fi muni, abubuwa biyun da ke sa miƙar ta yi aiki, diddige a ƙasa da gwiwar baya a miƙe, Turancin bai faɗa ba sam, ya bar wa zane. Mu kuma hoton kwafi za a yi, zanen zai fito dishi-dishi, wani ma a waya za a karanta masa. In diddige ya tashi sharaɓa ta saki, mutum zai tsaya yana tura bango a banza. Ga yadda ta koma bayan gyara na uku:

"A tsaya gaban bango a dafa shi da hannu biyu daidai kafaɗa. A mayar da ƙafar dama baya, taku ɗaya babba. Diddigenta ya zauna a ƙasa, gwiwarta a miƙe, yatsun na kallon bango. A lanƙwasa gwiwar hagu a hankali har a ji sharaɓar dama tana ja. A tsaya a haka sakan 30, ana numfashi kamar kullum. Sai a sauya ƙafa."

Ta ninka ta farko tsawo fiye da sau huɗu, na sani, kuma wani zai ce na ƙara abin da babu a asali. Ban ƙara ba, daga zanen na kwaso na zuba a rubutu. Wannan karon na ba wata 'yar ƙungiyar da ba ta taɓa ganin takardar ba, ta yi shi daidai tashin farko, har ta ce "af, ga shi nan yana ja". Da ma saboda mata ne na bar "ka" na koma "a", don sun kusa rabin masu zuwa kuma ka/ki a kowane layi yana cinye wuri.

Kalmar "ja" ɗin nan ma da gangan na zaɓe ta. Takardar ta ce a ji ɗan ja amma ban da ciwo. Da farko na rubuta "har a ji zafi kaɗan", abokina ya ce cire, mutanenmu in ka ce zafi kaɗan sai sun kai inda za su cije baki don a ganinsu nan ne aiki ke ci. Yanzu layin ya zama "A ji ja, kar a ji zafi. In ya yi zafi ko ya soka, an wuce, a sassauta." Gargaɗin kar a riƙa dannawa ana saki kamar sifirin kuma na sa "kar a riƙa fizga".

Wuri ɗaya na kama kaina ina ƙarya ba da niyya ba. Asalin ya ce ɗumama jiki zai iya taimakawa wajen rage haɗarin rauni, ni kuma don jimlar ta yi daɗi na rubuta "yana hana targaɗe". Hana daban, iya ragewa daban, kuma targaɗe ba shi ne duk rauni ba, wanda ya taka rami ya gurɗe idon sawu ko awa ya yi yana ɗumamawa sai ya gurɗe. Na mayar "yana iya rage jin rauni". Ba ta kai waccan daɗin baki ba amma ita aka faɗa.

Saura zane biyu, na gaban cinya da wani da ake yin dogon taku a sauke gwiwar baya kusa da ƙasa ana tafiya. Na biyun nan ba ni da sunansa tukuna, "durƙuso" na sa ƙanina ya kai gwiwa ƙasa ya zauna kamar mai gaida surukai, "tsugunno" kuma ƙafa biyu ya haɗa. A yanzu "dogon taku da rusunawa" ke rubuce da fensir, gobe in Allah ya kai mu zan kai shi fili in ba mutum uku su gwada ba tare da sun ga zanen ba.