Talata: amsar da muka rubuta sau uku

Dare ya yi nisa, amma ban ga alamar barci ba sai na rubuta abin da ya faru yau a wurin Malam. Wata bakwai ke nan ina zama gefensa da hantsi, ina karanta masa tambayoyin da mutane ke aikowa, shi yana faɗa ni ina rubutawa. Idonsa ya yi rauni, ƙananan haruffa suna wahalar da shi. Yau ne karo na farko da ya ce in fara tsara amsar da kaina, sannan in karanta masa.

Tambayar gajera ce. Mai ita ya ce: "Na bar salla kusan shekara uku. Yanzu na dawo, sati biyu ban sha ko ɗaya ba. Yaya zan yi da na baya? Ina jin tsoro." Babu suna, babu komai.

Na ji daɗin samun wannan mas'ala, domin na karanta ta da kyau. Na zauna na cika shafi. Na buɗe da girman laifin barin salla, na kawo saɓanin malamai kan wanda ya bar ta don kasala: Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su fitar da shi daga Musulunci ba, sanannen ra'ayin Ahmad kuwa ya fi tsanani. Daga nan na shiga ramuwa, na yi lissafi: kwana 1,095, salla 5,475, raka'a 18,615. Na rufe da cewa ka ji tsoron Allah ka gaggauta.

Malam ya saurara har na kai aya, kansa a sunkuye, yana jan carbi a hankali. Da na gama ya ce babu kuskure ko ɗaya a ilmin da na kawo. Sai ya tambaye ni: "Ɗana, wa ya gaya maka namiji ne?"

Na sake duba tambayar. Na bar, na dawo, ina jin tsoro. Babu inda jinsi ya fito. Ni ne na ɗora "ka" tun daga layin farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin idan mace ce lissafina duk ya rushe. Mace ba ta rama sallar kwanakin haila da na biƙi. Wadda al'adarta kwana shida ce a wata, a cikin wata 36 za ta cire kwana 216, saura 879. Da amsata ta fita yadda take, da wata baiwar Allah ta ɗauki nauyin salla fiye da dubu da ba a ɗora mata ba, ko kuma ta ga yawan ta karaya.

Sai Malam ya sa ni in lissafa masa waɗanda za su karanta wannan amsa. Na ce mai tambaya. Ya ce shi ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Akwai ɗalibin ilmi da zai bi kowace kalma da ma'auni. Akwai mai fama da waswasi, wanda bai taɓa barin salla ba amma da ya ga kalmar kafirci zai kwana yana tuhumar kansa. Akwai wanda har yanzu bai dawo ba, yana leƙe daga nesa ya ga yadda ake karɓar masu dawowa. Akwai wanda ya musulunta kwanan nan. Akwai kuma wanda ba Musulmi ba ne, yana karantawa don ya san yadda muke magana a tsakaninmu. A zaure, in ji shi, malami yana ganin fuskoki, idan ya ga wata ta canza sai ya gyara maganarsa nan take. A rubutu kuwa babu fuska, don haka sai ka zaunar da su duka a zuciyarka kafin ka ɗora alƙalami.

Abu na farko da ya cire shi ne sakin layin da na fi alfahari da shi, wato saɓanin kan hukuncin mai barin salla. Na ce, Allah gafarta Malam, ai gaskiya ce. Ya ce gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba. Mutumin nan ya riga ya tuba, goshinsa yana ƙasa sati biyu. Wannan bahasi wurinsa darasi, inda akwai lokacin warware shi da amsa tambaya a kansa. Ya tuna mini maganar Sayyidina Ali da Bukhari ya kawo a babin ilmi, cewa a yi wa mutane magana da abin da za su gane, kada a jawo a ƙaryata Allah da Manzonsa. Sannan ya ce wanda aka ce masa ya gaya wa Fir'auna magana mai taushi, a Suratu Ɗaha aya ta 44, Annabi Musa ne da ɗan'uwansa, to ina ga wanda ya zo da ƙafarsa yana cewa yana jin tsoro.

Na sake rubutawa. Wannan karon kuma na zarce ɗaya gefen. Na cika shafin da rahamar Allah, na kawo aya ta 53 ta Suratuz Zumar, na ce kada a damu, Allah mai gafara ne. Batun ramuwa na ajiye shi can ƙasa cikin rabin layi, kamar ina jin nauyin faɗarsa.

Wannan ya fi na farko ɓata wa Malam rai, ko da yake muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce mutumin ya tambayi yadda zai yi, ni kuma na shafa masa kai na sallame shi hannu wofi. Gobe zai tashi da tsoron nan dai, ga kuma ruɗani a kai. Taushi a wurin Malam yana cikin abin da aka fara faɗa da kalmar da aka zaɓa, hukuncin kansa ba a rage masa ko ƙwaya.

Ta ukun shi ya faɗa, ni na rubuta. Ya buɗe da jimla biyu kacal: dawowar nan alheri ce daga Allah, kuma tsoron da ake ji alamar zuciya mai rai ce. Bai ce "ka" ba, bai ce "ki" ba, ya yi ta amfani da "mutum" da "wanda". Daga nan kai tsaye ya ce mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ana rama sallar farilla da aka bari, ko da gangan ne. Bai ce "jumhur" ba, ya ce "mafi yawan malamai". Ya soke jimillar raka'o'in nan tawa, ya ce lamba 18,615 dutse ce, ba wanda zai kalle ta ya ji ƙarfin tashi. A madadinta ya ba da aikin yini guda: bayan kowace farilla a ƙara irinta ɗaya, Asuba da Asuba, Azahar da Azahar, har Isha'i. Raka'a 17 ke nan a yini, abin da bai fi rabin awa ba idan an tara. A haka bashin shekara uku zai ƙare cikin shekara uku, mai iya ninkawa ya gama a shekara ɗaya da rabi. Wanda bai san adadin daidai ba ya ƙiyasta abin da ya fi rinjaye a zatonsa, ya rubuta, kada ya riƙa komawa yana sake ƙirga. Sai layi ɗaya ga mata kan kwanakin da ake cirewa, da layi ɗaya ga sabon musulunta cewa babu ramuwar abin da ya wuce kafin shigarsa.

Wani wuri da ya ƙayatar da ni shi ne batun lokaci. Ni na rubuta cewa ana ramuwa a kowane lokaci, domin haka na koya, kuma haka yake a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad. Malam ya ce a cikin masu karatu akwai mabiya Abu Hanifa, su kuwa ba sa ramuwa daidai fitowar rana, da tsayuwarta a tsaka, da faɗuwarta. Bai buɗe muhawara ba. Ya ce kawai a rubuta: a kauce wa waɗannan lokuta uku, sauran yini da dare duk fili ne. Da wannan jimla ɗaya kowa ya yi abin da ya inganta a makarantarsa, ba tare da an ce wani ya yi kuskure ba.

Inda har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya ba shi ne ƙarshen amsar. Malam ya sa na rubuta cewa wasu malamai, irin su Ibn Hazm da Ibn Taimiyya, suna ganin wanda ya bari da gangan ba ramuwa ce a kansa ba, sai tuba da yawaita nafila, amma shi yana ba da fatawa da ra'ayin mafi yawa. Na ce masa mai neman mafita zai kama wannan layin ya saki sauran. Ya ce ya sani. Amma idan ya ɓoye, ɗalibin ilmi zai gane an ɓoye, mai tambaya kuma wata rana zai ji daga wani bakin, ya ce ashe Malam bai gaya mini duka ba, daga ranar ba zai sake yarda da amsarsa ba. Na fahimci hujjarsa, kuma ina ganin ta fi tawa ƙarfi. Duk da haka ina tunanin mutum ɗaya da zai karanta layin nan ya ajiye ramuwa, nafilar ma bai yi ba.

Bayan La'asar na tambaye shi yadda yake gane amsa ta yi ko ba ta yi ba, tunda ba ya ganin kowa. Ya ce daga tambayoyin da ke biyo baya. Idan aka dawo ana cewa, to yanzu ni kafiri ne, an tsorata mutane fiye da kima. Idan aka dawo ana cewa, ashe ba komai, an sassauta har hukunci ya ɓace. Idan kuwa aka dawo ana tambayar a bayyane za a karanta ramuwar Magariba ko a ɓoye, to mutum ya shimfiɗa darduma ya fara. Akwai kuma iyakar da ba ya ƙetarewa: duk tambayar da ta dogara da halin mutum shi kaɗai, kamar rashin lafiyar da ta taɓa hankali a cikin shekarun, ba ya amsa ta a gaban jama'a, sai ya ce a nemi malami a zauna da shi.

Kafin in tafi na ba shi haƙuri kan ɓata masa lokaci da na yi. Ya ba ni labarin Mu'awiya ɗan Hakam, sahabin da ya yi magana a cikin salla yana sabon shiga, mutane suka yi ta harararsa, shi kuwa daga baya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya kai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, iya koyarwa ba: bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, ya dai gaya masa abin da salla take. Sai a hanya na lura cewa yau sau biyu na ɓata amsa, kuma ko sau ɗaya Malam bai ce mini na yi shirme ba.

Bayan Isha'i saƙo ya shigo daga mai tambayar. Mace ce. Ta ce ta cire kwanakinta, ta rubuta 880 a bangon littafinta don ya zama cikakke, kuma ta rama Isha'i ɗaya. Tana tambaya ko wutiri ma ana rama shi. Gobe da hantsi zan karanta wa Malam.